Yaushe Al'adar Ƙasashe Take Zama Doka? Labarin Shari'ar Hanyar Daman

Duk lokacin da aka rufe wata iyaka, maganar da muka fi ji a bakin 'yan kasuwa masu bugo mana waya a gidan rediyo ita ce: "Ai tun kaka da kakanni muke bin hanyar nan, wa ya isa ya hana mu?" Maganar ba ta banza ba ce, domin kuwa a dokokin ƙasa da ƙasa akwai wani babban ɓangare da ba a rubuta shi a cikin wata yarjejeniya ba, daga al'ada ya tsiro. Sai dai al'adar da alƙalai suke nufi tana da sharuɗɗa, kuma akwai hanyar da ake bi a tabbatar da ita. A yau za mu bi diddigin wata shari'a da aka yi a kan hanya da wucewar kaya, tsakanin ƙasar Fotugal da ƙasar Indiya, don mu ga yadda alƙalai suke rarrabe al'adar da ta zama doka da wadda ta tsaya a matsayin alfarma.

Kotun da muke magana a kanta ita ce Kotun Duniya da ke birnin Heg na ƙasar Holan, wadda take raba gardama tsakanin ƙasa da ƙasa. Kada a haɗa ta da kotun manyan laifuka da ke wannan gari, ita waccan mutane take gurfanarwa. Sashe na 38 na dokar da ta kafa Kotun Duniya ya lissafa abubuwan da alƙalai za su dogara da su. Bayan yarjejeniyoyi, sai ya ambaci al'adar ƙasa da ƙasa, wato abin da ƙasashe suka saba yi kuma suka karɓe shi a matsayin doka. Abu biyu ke nan: aiki, da kuma yaƙinin cewa aikin nan wajibi ne.

Gyara da la'ada

Ɗan kasuwa ba ya bukatar dogon bayani a nan. Kowa ya san gyara. Mai awo ya gama auna maka gero, sai ya ƙara maka ɗan hannu guda. An daɗe ana yi, kusan kowace kasuwa ana yi. Amma ran da ya hana ka, ba za ka kai ƙararsa wurin sarkin kasuwa ba, iyakaci ka ce marowaci ne ka sake rumfa. To, ga kuma la'adar dillali. Ita ma babu wanda ya rubuta ta, amma in aka gama cinikin sa, mai dabba ya ce ba zai biya ba, sai an zauna a gaban sarkin dillalai, kuma duk wanda ke wurin ya san an ci haƙƙi. Gyara da la'ada duk an saba da su, duk sun daɗe. Abin da ya raba su shi ne yadda mutanen kasuwa suka ɗauke su a ransu.

Haka abin yake tsakanin ƙasashe. Shimfiɗa jar darduma da harba bindigogi in shugaba ya zo ziyara abu ne da kusan kowace ƙasa take yi, amma babu wadda ta taɓa kai ƙarar wata don ba a shimfiɗa wa shugabanta darduma ba. Kama jakadan wata ƙasa a tsare shi kuwa, tun kafin a rubuta yarjejeniyar Biyana ta 1961 ƙasashe sun ɗauke shi karya doka. Matsalar ita ce ƙasa ba ta da zuciyar da za a tsaga a duba. Ta yaya alƙali zai gane ko gyara take bayarwa ko la'ada take biya? Nan ne aikin yake.

Ƙauyukan da Indiya ta kewaye

A gaɓar tekun yammacin Indiya akwai wani gari mai suna Daman, wanda Turawan Fotugal suka mulka shekaru ɗaruruwa. Can ciki kuma, ba da nisa ba, suna riƙe da wasu yankuna biyu, Dadra da Nagar Habeli. Waɗannan biyun ƙasar wasu ce ta kewaye su ta ko'ina. Ba ka isa gare su daga Daman sai ka taka ƙasar maƙwabci. Da farko maƙwabcin nan daular Marata ce. Daga 1818 Turawan Ingila suka gaje wurin, sannan daga 1947 Indiya mai 'yancin kai.

A watan Yuli na 1954 aka tayar da bore a Dadra aka kifar da ikon Fotugal, ba da jimawa ba Nagar Habeli ma ta bi. Indiya ta dakatar da wucewa. Fotugal ta nemi a bar ko da wakilan gwamnan Daman su je su ga halin da ake ciki, Indiya ta ƙi, ta ce zaman ɗar-ɗar da ake yi a yankin ba zai bari ba. A watan Disamba na 1955 Fotugal ta shigar da ƙara, tana cewa tana da haƙƙin wucewa ta ƙasar Indiya zuwa yankunanta, kuma an tauye mata shi. Sai ranar 12 ga Afrilu 1960 aka yanke hukunci.

Fotugal ta fara da takarda, kamar yadda kowane mai ƙara zai yi. Ta kawo yarjejeniyar Puna ta 1779 da wasu takardun sarauta na 1783 da 1785, ta ce da su ne sarakunan Marata suka mallaka mata ƙauyukan. Alƙalai suka karanta, suka ce a'a. Abin da aka ba ta izinin karɓar harajin ƙauyukan ne, na kimanin rufi 12,000 a shekara, ba mulki ba. Mulkin ya samu ne daga baya, lokacin da Ingilishi suka zo suka tarar da ita tana gudanar da wuraren, suka bar ta, ba su taɓa musa mata ba. Ke nan takardun farko ba su ba ta haƙƙin wucewa irin wanda take nema ba. Sai aka koma ga al'ada.

Indiya ta yi maza ta tare gaba. Lauyoyinta suka ce ba a yin dokar al'ada tsakanin ƙasa biyu kacal. Kotu ba ta yarda ba. Ta ce ba ta ga dalilin da zai sa dole sai ƙasashen sun wuce biyu ba. In ƙasa biyu sun daɗe suna tafiyar da wani abu a tsakaninsu, kuma dukansu sun karɓe shi a matsayin abin da ke tsara hulɗarsu, zai iya haifar da haƙƙi da wajibi a tsakaninsu, ko da bai shafi kowa a duniya ba.

Yadda aka tona ɗakunan ajiya

Daga nan alƙalai suka yi abin da ya fi burge mu a shari'ar. Ba su tambaya a dunƙule ko ana wucewa ko ba a wucewa ba. Sai suka rarraba masu wucewar, suka bi tarihin kowane kashi shi kaɗai, ta hanyar wasiƙun gwamnoni, dokokin kwastan, rahotannin jami'ai da tsofaffin yarjejeniyoyin da ɓangarorin biyu suka zaƙulo.

Kashi na farko shi ne farar hula, ma'aikatan gwamnati marasa makami, da kayan masarufi. A nan ɓangarorin biyu ba su ma yi jayayya sosai a kan abin da ya faru ba. Mutane suna ta kai da komowa a kullum, zamanin Ingilishi da bayansa. Kaya ma suna wucewa, illa dai a wasu lokuta a bi ƙa'idar kwastan. An taɓa hana wucewar kaya gaba ɗaya lokacin yaƙin duniya na biyu. An hana wucewar gishiri, an kuma hana giya da kayan haɗa ta a wasu lokuta. Mai karatu zai ce to ai ga shi an sha tare hanya, ina al'adar take? Kotu ta ɗauki waɗannan a matsayin matakai na musamman da tsaro ko kuɗin shiga suka jawo, ba musun haƙƙin wucewar ba ne. Ta lura cewa an shafe fiye da shekara 125 a haka, mulki ya canja hannu daga Ingilishi zuwa Indiya, abin bai canja ba. Da wannan ta gamsu cewa ɓangarorin sun karɓe shi a matsayin doka. Alƙalai 11 suka amince, 4 suka ƙi.

Kashi na biyu shi ne soja, 'yan sanda masu makami, da bindigogi da harsasai. Su ma fa sun sha wucewa ta hanyar nan guda. Da a ce yawan wucewa kaɗai ake dubawa, da Fotugal ta ci wannan ma. Amma da aka buɗe takardu sai aka ga wani abu dabam. A yarjejeniyar 1878 tsakanin Ingila da Fotugal an ce sojan ɗaya ba zai shiga ƙasar ɗayan ba sai da buƙata a hukumance. A watan Disamba na 1890 gwamnatin Bambai ta rubuta ƙorafi cewa masu makami na Fotugal suna ratsawa ba tare da neman izini ba. Da babban gwamnan Fotugal zai ba da amsa, bai ce haƙƙinsu ne ba. Sai ya ce sojansu ba sa taɓa ƙetare ƙasar Ingilishi sai da izini tukuna. Bawan Allah yana wanke kansa ne a 1890, bai san ya rubuta hujjar da za a kayar da ƙasarsa da ita bayan shekara saba'in ba.

'Yan sanda ma haka. Akwai wani shiri na 1940 da ya ce in masu makamin ba su wuce mutum goma ba, za su iya bin hanyar Daman zuwa Nagar Habeli, a sanar da hukumomin Ingilishi cikin awa 24. In sun wuce goma kuwa, sai an nemi amincewa tun kafin a tashi. Makamai kuma ba sa wucewa sai da lasisi na musamman.

Lauyoyin Fotugal suka ce to ai duk ran da aka nemi izinin ana bayarwa. Kotu ta ce wannan bai canja komai ba, don babu inda takardun suka nuna cewa bayar da izinin dole ne a kan Ingilishi ko Indiya. Wanda ake neman izininsa yana da ikon cewa a'a, ko da bai taɓa faɗa ba. Saboda haka al'adar da ta kafu a wannan kashi ita ce neman izini, ba wucewa ba. Da ƙyar aka yanke wannan, alƙalai 8 da 7, abin da ke nuna cewa ko masana ba sa karanta takarda ɗaya su fito da fahimta ɗaya.

A duba fa: hanya ɗaya, shekaru ɗaya, ƙasashe ɗaya. Ɗan tireda da buhunsa yana wucewa bisa haƙƙi, soja da bindigarsa yana wucewa bisa alfarma. Abin da ya raba su ba yawan sawu ba ne, kalmomin da jami'ai suka rubuta wa juna ne.

Fotugal ta kuma nemi a duba dokar al'ada ta duniya baki ɗaya game da yankunan da wata ƙasa ta kewaye. Kotu ta ce babu bukata. Inda aka sami tabbatacciyar al'ada tsakanin ƙasa biyu, ita ake fara bi.

Sai tambaya ta ƙarshe: shin Indiya ta karya haƙƙin farar hular da ta hana wucewa a 1954? Alƙalai 9 suka ce ba ta karya ba, 6 suka ce ta karya. Dalilin masu rinjaye shi ne haƙƙin tun asali yana ƙarƙashin ikon mai ƙasa na tsarawa da sa ido, kuma tashin hankalin da ake ciki ya ba Indiya damar dakatarwa. Fotugal ta fito da haƙƙi a hannu, amma hanya a rufe. A 1961 Indiya ta shigar da Dadra da Nagar Habeli cikin ƙasarta, a watan Disamba na wannan shekara kuma sojanta suka karɓe Gowa da Daman da Diyu. Hukuncin dai ya rage, har yau ana koyar da shi.

In ana so ta hau kan kowa

Al'adar ƙasa biyu ke nan. To in wata ƙasa ta ce doka ce ta duniya, ta hau kan kowa har wanda bai sa hannu a komai ba? A nan ma'aunin ya fi tsauri, kuma shari'ar da aka fi kafa hujja da ita ita ce ta Tekun Arewa da ke Turai, wadda aka yanke a watan Fabrairu na 1969.

Jamus ta Yamma da Danmak da Holan ne suke jayayya a kan rabon ƙarƙashin teku, inda ake sa ran mai da iskar gas. Yarjejeniyar Janiba ta 1958 ta ce in ba a daidaita ba, a ja layi daidai tsakiya, kowane ɗigo nisansa ɗaya daga gaɓar kowa. Gaɓar Jamus ta lotsa ciki, don haka wannan awo zai matse ta a ɗan lungu. Jamus ba ta tabbatar da yarjejeniyar ba, saboda haka ba ta ɗaure ta ba. Sai maƙwabtan suka ce ai awon tsakiya ya riga ya zama dokar al'ada, suka kawo misalai wajen goma sha biyar na inda ƙasashe suka yi rabo da shi.

Kotu ta bi misalan. Ta ga fiye da rabin ƙasashen suna cikin yarjejeniyar ko suna dab da shiga, don haka alkawarin da suka sa wa hannu suke cikawa, wannan ba ya nuna al'ada. Sauran kuma babu shaidar cewa sun yi ne don suna jin doka ta tilasta musu. Mai yiwuwa sauƙin awon ne ya ja su, domin in gaɓa biyu suna fuskantar juna, raba tsakiya shi ne abin da ya fi sauƙi. Jamus ta yi nasara.

A wannan hukunci ne aka fayyace sharuɗɗan. Dole aikin ya yaɗu, ya zama kusan iri ɗaya, kuma ya haɗa da ƙasashen da abin ya fi shafa. Ba za a kafa dokar teku da ayyukan ƙasashen da ba su da gaɓa kaɗai ba, kamar yadda ba a yanke la'adar shanu a rumfar 'yan goro. Game da tsawon lokaci, kotu ta ce gajartarsa ba ta hana al'ada kafuwa, muddin a cikin ɗan lokacin shaidar ta yi ƙarfi. Wannan ya kamata ya gyara tunanin da yawancinmu muke da shi cewa tsufa shi ne hujja. Abu zai iya shekara ɗari bai zama doka ba, wani kuma ya zama cikin shekaru kaɗan.

Akwai tambayar da mai hankali zai yi. In ƙasashe suna karya wata doka a kai a kai, ba ta mutu ba ke nan? An amsa wannan a shari'ar Nikaraguwa da Amurka ta 1986, a kan haramcin kai wa wata ƙasa hari da tsoma baki cikin harkokinta. Kotu ta ce ba a bukatar kowa ya bi doka ɗari bisa ɗari. A duba abin da mai karyawar yake faɗa. In ya kai hari sannan ya ce kare kansa yake yi, to ya yarda ke nan cewa hari haramun ne, mafaka kawai yake nema a cikin dokar. Mai awon da aka kama ya rantse cewa mudunsa cikakke ne, ya tabbatar da cewa tauye mudu laifi ne.

Inda alƙali yake neman shaida

A shekarar 2018 hukumar masana dokokin ƙasa da ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kammala wasu matsaya 16 a kan yadda ake gane dokar al'ada. Ba sabuwar doka suka yi ba, hanyar da kotuna suke bi suka tattara. A wajen aiki, ana duba wasiƙun diflomasiyya, dokokin da majalisu suka zartar, umarnin da gwamnati take ba jami'anta, abin da soja da 'yan sanda da ma'aikatan duwan suke yi a fili, da hukuncin kotunan cikin gida. A wajen yaƙinin wajibci, ana duba jawaban hukuma, shawarar lauyoyin gwamnati, takardun ƙorafi, da bayanin da ƙasa take yi in za ta jefa ƙuri'a a taron duniya. Takarda ɗaya za ta iya amfani a ɓangarorin biyu, amma dole a auna kowane ɓangare shi kaɗai. Ƙudurin babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa shi kaɗai ba ya haifar da doka, sai dai ya zama shaida.

Sun kuma tabbatar da matsayin ƙasar da ta yi ta musu tun ana cikin ƙulla al'adar, a fili kuma ba fasawa. Irin wannan ƙasa dokar ba ta hawa kanta muddin tana kan musunta. Wadda ta yi shiru har aka gama kuwa, ba ta da bakin cewa ba da ita aka yi ba.

Shirun nan yana da nauyi, kuma akwai shari'ar da ta nuna haka a kan talakawa. Kogin San Huwan yana tsakanin Nikaraguwa da Kosta Rika. Bisa yarjejeniyar 1858, ruwan duka na Nikaraguwa ne, a wani dogon sashe gaɓar ce iyaka. Mazauna gaɓar ta wajen Kosta Rika sun daɗe suna kamun kifi don abincin gida. Da aka je kotu, babu wasiƙar gwamna ko ɗaya da ta yi maganar wannan su. A hukuncin 2009 alƙalai suka ce wurin ƙauye ne mai nisa, mutanensa kaɗan, ba a sa ran a sami irin wannan abu a rubuce. Abin da suka riƙe shi ne Nikaraguwa ta daɗe ƙwarai tana gani ba ta hana ba, ba ta kuma musa ba. Suka ce Kosta Rika tana da haƙƙi na al'ada. Amma sun iyakance shi: daga gaɓa kawai, don ci kawai. Ba a cikin kwale-kwale ba, ba kuma don sayarwa ba. Alƙali ɗaya ya ƙi, yana ganin shaidar ba ta kai ba, kuma a ganinmu damuwarsa tana kan hanya, don in aka sassauta haka, duk maƙwabcin da ya yi kara zai wayi gari an mai da karar tasa bashi. Shi ya sa masanan 2018 suka sa sharaɗi: shiru yana zama shaida ne in ƙasa tana da halin magana, kuma lamarin ya kai a yi magana.

Mu da ke bakin iyaka

To ina matsayin mai ɗaukar wake daga Maraɗi zuwa Jibiya, ko albasa daga Galmi ta Konni zuwa Illela? Gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce sawun fatake, komai yawansa, ba shi ne aikin ƙasa ba. Masanan 2018 sun faɗa ƙarara cewa abin da mutane masu zaman kansu suke yi ba ya haifar da dokar al'ada, sai dai ya taimaka wajen auna yadda hukuma ta ɗauke shi. Ko a Daman da San Huwan, ba ɗan tireda ko masunci aka ba haƙƙin ba, ƙasarsa aka ba. Kuma ƙasa ce kaɗai take iya tsayawa a gaban Kotun Duniya. Abin da za a tambaya shi ne me jami'in bakin shinge ya yi, wane umarni aka ba shi daga sama, kuma ran da aka rufe, gwamnatin ɗaya ɓangaren ta rubuta cewa an karya doka ne, ko roƙon sassauci ta yi?

Sannan hanyar da ake bi ta bayan shinge, a ba mai kaki na goro ya kau da kai, ba ta gina komai. Wanda ya ɓoye kayansa ya shaida da kansa cewa bai ɗauki wucewar haƙƙi ba, kamar dai gwamnan nan na 1890.

Yawancin 'yancin zirga-zirgar da aka saba da shi a yankinmu daga takarda ya fito. Yarjejeniyar Sedeyawo, wadda 'yan Najeriya suke kira Ekowas, ta 1979, ita ce ta ba ɗan ƙasa memba damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Ƙasashen da ba su da gaɓar teku kuma, sashe na 125 na yarjejeniyar dokar teku ta 1982 ya ba su haƙƙin kaiwa ga teku, amma ya ce sharuɗɗan wucewar sai an daidaita su da maƙwabta. In muka tuna shari'ar Tekun Arewa, ƙasar da take buɗe hanya don cika yarjejeniya, buɗewar ba ta isa shaida cewa al'ada ce ta tilasta mata ba. In kuma muka tuna Daman, ko haƙƙin da aka tabbatar bai hana mai ƙasa dakatarwa saboda tsaro ba. Waɗanda suka ga rufe iyakokin Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 sun san yadda kaya suke ruɓewa kafin gwamnatoci su gama musayar wasiƙu.

Ga wani misali na kusa da za a iya gwada wannan awo a kansa. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga Sedeyawo ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A ranar ƙungiyar ta nemi membobinta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan ƙasashen uku, su bar su shiga ba biza, amma ta ce har zuwa wata sanarwa. Su ma ƙasashen uku, a Disamba 2024, sun ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan Sedeyawo, tare da riƙe ikon hana wanda dokokinsu ba su yarda da shi ba. Da za a miƙa wa alƙalan shari'ar Daman waɗannan takardu biyu, wurin da za su ja wa layi shi ne "har zuwa wata sanarwa" da kuma ikon hanawar da aka riƙe, domin da irin waɗannan kalmomi ne suka raba wucewar farar hula da ta soja a 1960.